Bin sawun masu kai saƙo a Gombe: yadda manhaja za ta san inda babur yake ba tare da ta shanye batir ba

Google Play ya sanya ƙarshen watan Agustan 2024 a matsayin wa'adin da duk sabuwar manhaja, ko tsohuwar da aka sabunta, za ta bi ƙa'idojin Android 14, kuma kowace shekara matakin gaba yake yi. Wannan ya ƙara ruɗani a kan wata matsala da dama can tana damun masu haɗa manhajojin bin sawu a Gombe da Bauchi, irin waɗanda ake sa wa masu kai saƙo a babur, da direbobin motocin kaya, da jami'an da ke zagaya ƙauyuka. Koke biyu ake yawan ji. Mai babur ya ce ya fito da caji cike da safe, kafin la'asar waya ta mutu. Mai kamfani kuma ya ce ɗigon da ke nuna yaronsa a taswira ya daskare a Jekadafari tun hantsi, alhali yaron yana Tumfure. Wanda ya gyara koke na farko yakan jawo na biyu, wanda ya gyara na biyu ya dawo da na farko.

Duka biyun suna komawa ga abu ɗaya, wato yadda manhaja ke neman wuri daga abin da ake kira Fused Location Provider. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaɓi saiti guda ɗaya a bar shi daga safe har dare.

Mene ne Fused Location Provider

Wani sashe ne na Google Play services da aka fito da shi a 2013. Kafin zuwansa, mai haɗa manhaja ne ke zaɓa da kansa ko zai nemi wuri daga GPS ko daga sabis na waya, ya kuma daidaita sakamakon. Yanzu manhaja na faɗin irin daidaiton da take so da tazarar lokacin da take so a riƙa kawo mata, shi kuma ya duba hanyoyin da ke hannu ya harhaɗa amsa. Ta `FusedLocationProviderClient` ake yi masa magana.

Manyan hanyoyin uku ne, kuma sai an san halin kowace kafin a gane sauran bayanin. Ta farko taurarin ɗan'adam ne, na GPS da 'yan'uwansa irin su GLONASS da Galileo da BeiDou. Taurarin GPS suna nesa da ƙasa da kimanin kilomita 20,200, saboda haka siginarsu na isowa da rauni ƙwarai, kuma waya na buƙatar aƙalla guda huɗu kafin ta lissafa inda take. A fili, inda sama ke buɗe, kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba. A ƙarƙashin rufin kwano ko cikin ginin kankare kuwa, siginar kan ɓace ko ta yi ta karo da bango kafin ta iso.

Ta biyu ita ce Wi-Fi. Ba sai waya ta haɗu da shi ba. Tana duba na'urorin Wi-Fi da ke kusa ne kawai, ta kwatanta lambobinsu da rumbun bayanan Google inda aka riga aka san wurin kowace. Ta uku ita ce eriyar sabis da wayar ke magana da ita. Waɗannan biyun ba sa cin wuta sosai, amma ingancinsu ya dogara da yawan na'urorin da ke yankin. Wannan sharaɗin shi ne ya sa shawarar da ta yi aiki a wani gari ke iya faɗuwa a hanyar Dukku.

Manhaja na bayyana buƙatarta da ɗaya daga cikin matakai huɗu. `PRIORITY_HIGH_ACCURACY` na kunna GPS. `PRIORITY_BALANCED_POWER_ACCURACY` yawanci na dogara da Wi-Fi da eriya, kuma Google na kwatanta daidaitonsa da kusan mita 100. `PRIORITY_LOW_POWER` ya tsaya a matakin gari, kusan kilomita 10. `PRIORITY_PASSIVE` kuwa ba ya kunna komai, yana karɓar abin da wata manhaja ta riga ta sa aka lissafa ne. Waɗannan alƙaluma ba alƙawari ba ne. Roƙo manhaja ke yi, wayar kuma ta ba da abin da ta samu.

Abin da ke shan batirin a zahiri

Mutane da yawa na ɗauka cewa yawan lambobin wurin da manhaja ke karɓa shi ne ke cinye caji. Ba daidai ba ne. Abin da ke ci shi ne tsawon lokacin da wasu sassa uku na wayar suka yi a farke: na'urar GPS, ƙwaƙwalwar wayar da ake tashi duk lokacin da aka kawo wa manhaja sabon wuri, da rediyon data da ke aika wurin zuwa saba, wato kwamfutar kamfanin da ke karɓar bayanan.

A ɗauki GPS. Kafin na'urar ta ba da wuri na farko, sai ta san inda kowane tauraro yake a kan falakinsa. Taurarin na aiko da wannan bayani a hankali ƙwarai, bit 50 kacal a sakan ɗaya, don haka karɓarsa kai tsaye daga sama na cin kusan sakan 30 ko da sama a buɗe take. In akwai data, wayar kan sauke bayanin ta intanet ta samu wuri cikin 'yan sakanni, kuma bayanin kan yi aiki na 'yan awoyi kafin ya tsufa. Abin da wannan ke nufi shi ne, idan manhaja ta ce a ba ta wuri duk sakan ɗaya ko duk sakan biyar, na'urar ba ta samun sararin yin barci a tsakani. Wanda ya canza daga sakan 1 zuwa sakan 5 yana tsammanin ya rage shan batir ninki biyar, zai auna ya tarar bambancin ta ɓangaren GPS kaɗan ne. Ragi na gaske yana zuwa ne idan aka kashe na'urar gaba ɗaya na tsawon mintuna.

Akwai wani saiti da ke yaudarar mutane a nan, `setMinUpdateDistanceMeters`. In aka sa masa 50, manhaja ba za ta samu sabon wuri ba sai wayar ta matsa mita 50. Amma ta yaya wayar za ta san ta matsa? Sai ta ci gaba da lissafa wurinta. Wato GPS na nan a kunne, isar da saƙon kawai aka tace. Saitin na da amfani wajen rage tashin manhaja da yawan aikawa, sai dai mai babur da ya yi awa biyu a tsaye a bakin babbar kasuwa, GPS ɗinsa ya yi awa biyu yana aiki.

Rediyon data kuwa shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Duk lokacin da waya ta aika wani abu, komai ƙanƙantarsa, rediyon kan ci gaba da zama a farke na wasu sakanni kafin ya kwanta. Manhajar da ke aika wuri ɗaya-ɗaya duk bayan sakan kaɗan ba ta barin shi ya kwanta ko sau ɗaya. A inda sabis ke da rauni, wayar na ƙara ƙarfin watsawa don ta kai ga eriya, in aikawar ta gaza kuma manhaja ta sake gwadawa nan take. Sau da yawa laifin da ake ɗora wa GPS na wannan ɓangaren ne.

Ra'ayoyi biyu, da inda kowanne ya tsaya

Masu haɗa manhaja sun kasu kusan gida biyu. Na farko na cewa a sa `PRIORITY_HIGH_ACCURACY` da gajeriyar tazara tun daga fara aiki har a tashi, a ba mai babur abin caji na tafi-da-gidanka. Hujjarsu mai ƙarfi ce: lambar manhajar ba ta da rikitarwa, babu inda za a rasa sawun kaya, kuma in abokin ciniki ya yi musun an kawo masa saƙo, akwai cikakken tarihin tafiya. Matsalar ita ce nauyin ya koma kan mai babur, wanda sau da yawa wayarsa ce ta kansa, da ita yake amsa kiran abokan ciniki, kuma in babu wuta a gida kuɗi yake biya a shagon caji. Mutumin da aka sa a wannan hali zai kashe Location ko ya rufe manhajar da ƙarfi, sai a wayi gari cikakken tarihin da ake taƙama da shi ya zama rabi.

Gida na biyu na bin shawarar da aka fi samu a rubuce, wato a zauna a kan `PRIORITY_BALANCED_POWER_ACCURACY` tunda mita 100 ta wadatar. A tsakiyar Gombe, wajen bankuna da otal-otal da ofisoshi inda Wi-Fi ke da yawa, wannan na iya yin aiki. Amma da an fita gari, a hanyar Bauchi ta Alkaleri ko hanyar Bajoga, babu Wi-Fi ɗin da za a duba, kuma eriya ɗaya ke ɗaukar yanki mai faɗi. A nan kuskuren na iya kai kilomita ɗaya ko fiye, ɗigon ya tsaya wuri guda na tsawon lokaci sannan ya yi tsalle idan wayar ta koma wata eriya. Ko a cikin gari akwai wani cikas. Yawancin Wi-Fi ɗin da ake gani a unguwanni na ƙananan na'urorin aljihu ne da na wayoyin mutane, waɗanda ke yawo da masu su, don haka ba su zama alamar wuri tabbatacciya ba.

Kowane gida yana da gaskiya a wani yanki na yinin. Mai kamfani na buƙatar daidaito lokacin da kaya ke kan hanya da lokacin da aka miƙa su. Ba ya buƙatarsa lokacin da mai babur ke zaune yana jiran aiki, ko ya shiga masallaci, ko yana cin abinci.

Yinin mai babur ɗaya, daki-daki

A ɗauka akwai mai kai saƙo da ke aiki daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, awa 10 ke nan. A ce a cikinsu awa 3 yake yi a kan babur, sauran 7 yana jira ko yana cikin shago, kuma yana kai saƙo 12. Misali ne kawai don lissafi, kowane kamfani sai ya duba nasa. Da tsarin sakan ɗaya duk yini, GPS zai yi awa 10 a kunne, a samar da wurare 36,000, in ana aika kowanne shi kaɗai kuma rediyon data bai huta ba.

Yanzu a raba yinin gida uku: tafiya, jira, da miƙa kaya.

Tazarar lokacin tafiya daga gudun babur ake ciro ta, ba daga son rai ba. Babur da ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 a sakan. Tazarar sakan 10 na nufin ɗigo ɗaya a kowace mita 100, wanda ya isa a gane titin da aka bi daga Pantami zuwa Bolari. Motar da ke gudun kilomita 72 a awa a kan babbar hanya tana cin kilomita 1.2 a minti, kuma tunda hanyar ɗaya ce babu kwana-kwana, tazarar minti ɗaya ta ishe ta. Ga buƙatun biyu na mai babur:

```kotlin
val tafiya = LocationRequest.Builder(Priority.PRIORITY_HIGH_ACCURACY, 10_000L)
    .setMaxUpdateDelayMillis(60_000L)
    .build()

val jira = LocationRequest.Builder(Priority.PRIORITY_BALANCED_POWER_ACCURACY, 300_000L)
    .setMinUpdateIntervalMillis(60_000L)
    .build()
```

Layin `setMaxUpdateDelayMillis` a buƙata ta farko yana cewa a ci gaba da lissafa wuri duk sakan 10, amma an yarda a tara su a kawo wa manhaja sau ɗaya a minti. Maimakon a tashe ta sau shida, sai a tashe ta sau ɗaya da wurare shida, ita kuma ta aika su a dunƙule. Tarawar na aiki ne idan jinkirin ya kai aƙalla ninki biyu na tazarar, kuma yawan batirin da za a tsira da shi ya danganta da irin wayar. Akwai tarko a nan da ya kamata a sani: wanda ya kunna tarawa amma ya ci gaba da karanta `result.lastLocation`, zai ɗauki wuri ɗaya ya zubar da biyar. Alamar hakan ita ce layin tafiya a taswira ya riƙa yanke kwana yana ratsa gidaje. `result.locations` ake karantawa. Farashin tarawar kuma shi ne ɗigon da mai kamfani ke gani zai iya kasancewa baya da minti ɗaya. In abokin ciniki ya buɗe taswira yana jiran babur a ƙofar gida, a cire jinkirin na 'yan mintunan ƙarshe, ba na duk tafiyar ba.

A buƙata ta biyu, ana neman wuri duk minti 5 ba tare da GPS ba. Layin `setMinUpdateIntervalMillis` na cewa idan wata manhaja, misali taswirar da mai babur ya buɗe, ta sa an lissafa wuri, to a ba mu shi ma, amma kada ya wuce sau ɗaya a minti. Wannan kyauta ne, ba ya ƙara wa wayar aiki. Kuskuren 'yan ɗaruruwan mitoci a lokacin jira ba ya cutar da kowa, domin tambayar da ake son amsawa ita ce wane ne ya fi kusa da Tashar Dukku a cikin masu babur biyar.

Sauyawa daga wannan zuwa wancan ba ta da wuya. In aka sake kiran `requestLocationUpdates` da `LocationCallback` ɗin da aka yi amfani da shi tun farko, sabuwar buƙata na maye gurbin tsohuwa. In kuwa aka ƙirƙiri sabo a kowane kira, buƙatun sai su taru, mafi tsananinsu ta ci gaba da riƙe GPS a kunne, kuma `removeLocationUpdates` ba zai cire wanda ba a riƙe adireshinsa ba. Wannan na cikin manyan dalilan da ke sa manhaja ta ci gaba da shan batir bayan an tashi aiki.

Wane ne zai ce an fara tafiya? Hanya mafi sauƙi ita ce aikin da kansa: mai babur ya danna ya karɓi saƙo, a koma `tafiya`, ya danna ya miƙa, a koma `jira`. Akwai kuma Activity Recognition Transition API, wanda ke amfani da na'urorin motsi marasa cin wuta ya sanar da manhaja idan an shiga `STILL`, wato an tsaya, ko `IN_VEHICLE`, wato ana kan abin hawa. Yana da amfani ga mai babur da ya karɓi saƙo sannan ya yi minti 40 yana jira a ɗaure kayan. Sai dai yana buƙatar izininsa na daban tun daga Android 10, kuma yakan yi jinkiri kafin ya gane an motsa, don haka farkon tafiya na iya ɓacewa.

Lokacin miƙa kaya ne ake buƙatar wuri ɗaya mai kyau, wanda zai zama shaida:

```kotlin
val miƙawa = CurrentLocationRequest.Builder()
    .setPriority(Priority.PRIORITY_HIGH_ACCURACY)
    .setMaxUpdateAgeMillis(10_000L)
    .setDurationMillis(30_000L)
    .build()
```

Ana ba `getCurrentLocation` wannan. Yana karɓar wurin da bai wuce sakan 10 da lissafawa ba, in babu ya nema na tsawon sakan 30, sannan ya haƙura ya dawo da `null`. Dole manhaja ta san abin da za ta yi da wannan `null`, misali ta ce wa mai babur ya fito daga zaure ya sake dannawa. `getLastLocation` bai dace da wannan aiki ba, domin abin da ke ajiye yake bayarwa, ko da na awa uku da suka wuce ne a wata unguwa, wani lokacin ma babu komai.

Da wannan rabo, GPS ya yi kusan awa 3 a kunne maimakon 10. Wuraren tafiya sun zama 1,080 a dunƙule 180, na jira 84, na miƙawa 12. Aikawa 276 ke nan a madadin 36,000, kuma a lokacin da daidaito ke da amfani ba a rage komai ba.

Ba kowane wuri da aka kawo ake yarda da shi ba

Kowane `Location` na zuwa da `accuracy`, wanda shi ne nisan tsakiyar wata da'ira zuwa bakinta, a mita. Ma'anarsa ita ce akwai yiwuwar kashi 68 cikin 100 cewa wayar na cikin da'irar. Wato ko lambar da ke da kyau, kusan sau ɗaya cikin uku wurin gaskiya na wajenta. Yana kuma zuwa da lokacin da aka lissafa shi. A yi amfani da `elapsedRealtimeNanos` wajen auna tsufansa, domin agogon waya mai ita na iya canza shi.

```kotlin
val sakan = (SystemClock.elapsedRealtimeNanos() - loc.elapsedRealtimeNanos) / 1_000_000_000
val karɓa = loc.hasAccuracy() && loc.accuracy <= 50f && sakan <= 90
```

An sa 90 ne don a ba wuraren da aka tara na minti ɗaya damar wucewa. Wannan ma'auni na lokacin tafiya ne. A lokacin jira sai a sassauta shi, in ba haka ba duk abin da ya zo za a zubar.

Muhimmancin tacewar ya fi fitowa a inda ake biyan kuɗin mai bisa kilomita. A ce babur na ajiye a ƙarƙashin rumfar kwano a Tudun Hatsi na awa ɗaya, manhaja kuma tana kan tazarar sakan 10. Ɗigo 360 za a samu. Idan kowanne ya kauce wa na bayansa da mita 10 saboda siginar da ke karo da kwano, an rubuta kilomita 3.6 da babur bai yi ba. Haka nan idan GPS ya ɓace na ɗan lokaci aka cike gurbin da wurin eriya mai nisan kilomita 2, ɗigo ɗaya ya ƙara kilomita 4, zuwa da dawowa. Wannan na biyun yana da sauƙin kamawa: kilomita 2 cikin sakan 10 gudun kilomita 720 a awa ne, sai a jefar da shi. Na farkon kuwa maganinsa a ƙi lissafa duk motsin da bai wuce `accuracy` na ɗigon ba, ko kuma, mafi kyau, a koma `jira` tun farko. Abin lura shi ne, barin GPS a kunne a lokacin tsayuwa ba batir kawai yake ci ba, lissafin ma yake ɓatawa.

Abin da dokokin Android suka ce

Koken ɗigon da ya daskare yawanci daga nan yake fitowa. Tun daga Android 8 a 2017, manhajar da ba ta kan allo ba ta samun wuri sai sau 'yan kaɗan a awa, komai abin da ta roƙa. Mai babur na sa waya a aljihu, tazarar sakan 10 ta zama tarihi. Hanyar da aka halatta ita ce hidimar da ke aiki da sanarwa a saman allo, wadda mai wayar ke gani ya san ana bin sawunsa. Android 10 ya kawo rubuta mata nau'i, Android 14 kuma ya ƙara izini na musamman:

```xml
<uses-permission android:name="android.permission.FOREGROUND_SERVICE" />
<uses-permission android:name="android.permission.FOREGROUND_SERVICE_LOCATION" />
<service android:name=".Sawu" android:foregroundServiceType="location" />
```

In aka tashi hidimar lokacin da manhaja ke buɗe, misali da mai babur ya danna fara aiki, ba a buƙatar `ACCESS_BACKGROUND_LOCATION`. Wannan ribar ba ƙarama ba ce, domin izinin na bayan fage yana buƙatar mai waya ya shiga saiti da kansa tun daga Android 11, Google Play kuma na neman cikakken bayani da bidiyon da ke nuna dalilin neman sa. Ƙoƙarin tayar da hidimar daga bayan fage ba tare da wannan izini ba, a manhajar da aka gina kan Android 14, yana ƙarewa da `SecurityException`. Saboda haka hidimar ta zauna a raye duk tsawon lokacin aiki, buƙatar da ke cikinta ce kawai ke sauyawa, sannan a kashe ta da an tashi.

Android 12 ya ba mai waya zaɓi tsakanin Precise da Approximate. In ya zaɓi na biyu, ana dusashe wurin zuwa yanki mai faɗin kusan murabba'in kilomita 3, ko da manhaja ta nemi mataki mafi girma, kuma babu wani saƙon kuskure da zai fito. Alamarsa ita ce `accuracy` ya tsaya a dubban mitoci a tsakiyar gari, a fili, da rana tsaka. Ma'aunin mita 50 na sama zai zubar da komai, mai kamfani ya ga kamar yaron ya kashe waya. Ya kamata manhaja ta duba ko tana da `ACCESS_FINE_LOCATION` kafin a fara aiki, ta yi bayani da Hausa dalilin buƙatarsa.

Bayan dokokin Google akwai na masu ƙera wayoyi. Wasu na ƙara nasu tsarin adana batir da ke kashe manhaja duk da sanarwarta na allo, musamman a wayoyi masu ƙaramar ƙwaƙwalwa. Babu layin lamba da ke maganin wannan gaba ɗaya. Abin da ake yi shi ne a nuna wa mai waya inda zai cire manhajar daga jerin waɗanda ake takurawa, a kuma riƙa ajiye wuraren a cikin wayar kafin a aika, yadda in sabis ya ɗauke a hanya ba za a yi asararsu ba.

Yadda ake aunawa, da abin da ya shafi mai babur

Kada a auna da wayar mai haɗa manhaja a kan tebur, tana jone da caji, kusa da Wi-Fi na ofis. A ɗauki irin wayar da masu aikin ke riƙewa, Tecno ko Infinix ko itel, a share tarihin batir, a cire ta daga kebul a ba ta yini guda a kan hanya, sannan a sake jona ta da kwamfuta a karanta da umarnin `adb`:

```
adb shell dumpsys batterystats --reset
adb shell dumpsys batterystats > yini.txt
adb shell dumpsys location
```

Umarni na biyu na nuna tsawon lokacin da GPS da rediyon data suka yi a farke saboda manhajar. Idan lissafi ya ce awa 3, fayil ya nuna awa 9, to sauyawa zuwa `jira` ba ta faruwa, ko akwai tsohuwar buƙata da ta maƙale. Umarni na uku, in aka buga shi bayan an danna tashi aiki, yana nuna ko har yanzu akwai mai riƙe da GPS. A gefen saba kuma, a riƙa adana `accuracy` tare da kowane ɗigo. Bayan mako ɗaya za a ga unguwannin da matakin `PRIORITY_BALANCED_POWER_ACCURACY` ke ba da mita 100 da waɗanda yake ba da 2,000, daga nan a yanke ko lokacin jira a wajen gari na buƙatar a kunna GPS sau ɗaya duk minti 10.

Ga mai babur, tsarin da aka raba haka na nufin waya na da damar kaiwa magariba da caji, kuɗin data ya ragu, kuma lissafin kilomitansa ya fi zama abin da za a iya kare shi in gardama ta tashi. Yana kuma da abin da zai duba da idonsa. Tun daga Android 12, shafin Privacy dashboard na nuna manhajojin da suka karanta wurinsa cikin awa 24 da suka wuce, da lokacin da suka yi hakan. In ya ga manhajar aiki a jerin da ƙarfe 11 na dare, alhali ya tashi tun 6, to ko an manta da kashe buƙatar, ko an ba ta izinin Allow all the time, kuma yana iya mayar da shi zuwa Allow only while using the app ba tare da bin sawun lokacin aiki ya tsaya ba.